A Tausasa Harshe, Kada a Tausasa Buƙata

'Yan'uwa malamai, wasiƙun da mambobi ke kawo mana mu duba kafin su miƙa wa na gaba da su iri biyu ne. Akwai wadda aka rubuta cikin fushi, kowane layi da zargi. Akwai kuma wadda aka cika da gaisuwa da addu'a har mai karatu ya kai ƙarshe bai san abin da ake so ya yi ba. Dukkansu makomarsu ɗaya ce, wato a jefa su cikin fayil a manta. Ra'ayinmu shi ne, a kowace wasiƙa akwai abin da ya halatta a tausasa, akwai kuma abin da ba a taɓawa ko kaɗan, kuma yawancinmu muna rikita biyun.

Bari mu kawo misali daga kwanakin da duk mutumin Jibiya yake tunawa. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, zirga-zirgar fatake tsakanin Magama da Maraɗi ta tsaya. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga kan iyaka. Malaman da ke tasowa daga Katsina kowace safiya suka shiga tsaka mai wuya. Mota ba ta cika da wuri domin fasinja sun ragu, ga shingayen bincike a hanya, in an sauka kuma kuɗin babur zuwa makaranta ya tashi. A wata makarantar firamare da ke kusa da kan iyaka, malamai shida suka riƙa makara, sai ga takardar gargaɗi daga wani babban jami'i, tana cewa za a yanke wa duk mai makara wani abu daga albashinsa.

Ɗaya daga cikin malaman nan, mutum mai ƙwazo da zafin zuciya, ya kawo mana amsar da ya tsara. Ga zuciyarta: "Kuna zaune a ofis ba ku san halin da muke ciki ba. Kun ƙi zuwa ku gani da idonku, amma kun iya rubuta barazana. Ku janye wannan takarda, ku bar mu mu riƙa sa hannu ƙarfe 8:30, in ba haka ba za ku ga abin da zai biyo baya."

Ba mu ga laifin fushinsa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma da muka zauna muka warware wasiƙar, sai muka ga abu huɗu ne a cakuɗe. Akwai zargi, wato "kun ƙi zuwa". Akwai shiga zuciyar mutum, wato "ba ku san halin da muke ciki ba", alhali ba mu da tabbacin abin da ya sani da wanda bai sani ba. Akwai barazana. Sannan a tsakiyarsu akwai buƙatu biyu masu kyau: a dakatar da yanke albashi, a kuma ɗaga lokacin sa hannu a rajistar halarta. Duk jami'in da ya karanta wannan, ukun farko zai amsa. Zai kare kansa, ƙila ya nemi marubucin ya yi bayanin rashin ladabi, buƙatun kuwa su bi ruwa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa hannu da kwanan wata.

Da muka nuna masa haka, sai ya koma ya dawo da wata, wadda wani dattijo ya taimaka masa wajen tsarawa. Ta fara da "Ranka ya daɗe", ta yi gaisuwa layi biyar, ta yaba da adalcin shugaba, sannan ta rufe da cewa: "Muna roƙon a dubi halin da muke ciki da idon rahama, a yi mana abin da ya dace, in da hali." Wannan kam ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Amma ina ƙarfe 8:30? Ina maganar albashi? Sun ɓace. Jami'i zai iya karanta ta, ya ji tausayi na gaske, ya rubuta cewa ya gani, kuma bai saɓa wa kowa ba, domin ba a nemi ya yi komai ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane wannan cuta. A ofisoshin gwamnati, babba ba ya aiwatar da wasiƙa da kansa. Yakan rubuta ɗan umarni a gefenta ya tura wa na ƙasa da shi. To, kafin mu aika, mu tambayi kanmu: wane umarni zai iya rubutawa a gefen wannan takarda cikin layi ɗaya? In amsar ita ce "a ɗaga musu lokaci zuwa 8:30 har ƙarshen zango", wasiƙa ta yi. In kuwa mu kanmu mun kasa tsara layin, to mun tausasa har mun narkar da buƙatar. Haka nan, mu ba wani abokin aiki da bai san maganar ba ya karanta sau ɗaya, mu karɓe takardar, mu ce ya faɗa mana me ake nema, daga wa, kuma zuwa yaushe. Duk wanda ya kasa faɗa a cikin ukun nan, shi ne ya faɗi a hanya.

Ga yadda wasiƙa ta uku ta tsaya, bayan gaisuwa ta layi ɗaya:

"Yallaɓai, muna neman amincewarku kan abu biyu. Na farko, a ba malamai shida da sunayensu ke haɗe da wannan takarda izinin sa hannu a rajista da ƙarfe 8:30 maimakon 7:30, daga yanzu zuwa ƙarshen wannan zango. Na biyu, a dakatar da yanke albashin da takardarku ta ambata har sai kun yanke shawara kan na farkon. Dalili shi ne, tun da aka rufe iyaka motocin safe daga Katsina sun ragu, kuma rajistar makaranta ta nuna cewa kafin watan Agusta waɗannan malamai ba su da tarihin makara. Mun shirya da shugaban makaranta cewa malaman da ke zaune a gari za su ɗauki darussan farko, su kuma shidan su rama da na ƙarshe, don kada wani aji ya zauna ba malami. Za mu yi godiya in amsa ta iso mu kafin Juma'a 6 ga Disamba, domin ta riski shirin albashin watan."

Mu lura da abin da ya sauya. Zargi ya koma labarin abin da ya faru, tare da shaidar da shi kansa jami'in zai iya dubawa, wato rajista. Barazana ta fita, madadinta aka sa ranar da ake jiran amsa da dalilin zaɓen ranar. An kuma amsa damuwarsa tun kafin ya furta ta, domin abin da za a tambaye shi a sama shi ne ko yara sun rasa darasi. Abin da bai motsa ba shi ne adadin malamai, da lokacin da ake nema, da iyakar wa'adin. An ma ciro buƙatar daga tsakiya an kai ta layin farko, saboda mai takardu da yawa a gabansa ba kullum yake kai ƙarshen shafi ba.

Harshenmu yana da wata dabara da ke taimako a nan, tana kuma iya cutarwa. Bahaushe yakan ce "an yi" ko "ba a yi ba" don ya sakaya mai laifi. A wajen ba da labarin matsala wannan alheri ne: "ba a samu zuwa duba makarantar ba tukuna" ya fi "kun ƙi zuwa" sauƙin haɗiya, kuma gaskiyar tana nan. Amma a wajen buƙata, sakayawa asara ce. "A duba lamarin" ba ta ɗora nauyi a kan kowa. Dole a ji wanda ake nema ya yi aikin, shi ya sa muka buɗe da "muna neman amincewarku". Kalmomi irin su "in da hali" da "duk lokacin da aka samu dama" kuwa ƙofa ce muke buɗe wa mutum ya fita, sai mu ajiye su don abin da za mu iya haƙura da shi.

Mun san wasu 'yan'uwa za su ce ƙungiya ba ta bara, haƙƙi kuma ba a roƙonsa. Muna tare da su a rabi. Inda abu haƙƙi ne, kamar ƙarin girma da ya wuce lokacinsa ko kuɗin hutu, kada a rubuta shi kamar sadaka. A ce "muna neman a biya", a kawo lambar takardar da ta tabbatar da shi da kwanan watanta. Amma ladabi bai rage wa haƙƙi komai ba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Masana tarihi sun rawaito cewa lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a taron Idi a Magami, ya ƙi karɓar kyautar da aka yi masa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Bai zagi sarki ba, kuma har yau ana iya ƙirga buƙatun nasa ɗaya bayan ɗaya. Game da barazana kuma, maganar janye aiki hukunci ne na ƙungiya bayan taro. Malami ɗaya da ya rubuta ta a wasiƙarsa ya ba da sandar da za a doke shi ne kawai.

Ba mu ce laushin harshe yana tabbatar da samu ba. A wancan karo an amince da ɗaga lokaci, maganar albashi kuwa aka yi shiru a kanta. Amma da yake buƙatar a rubuce take da lambarta, sai wasiƙar tuni ta zama layi uku: mun gode da amsa ta farko, muna jiran ta biyu, ga kwafin wadda ta gabata. Wanda ya rubuta "a yi abin da ya dace" ba shi da abin tunatarwa.

Saboda haka, kafin kowane mamba ya aika takarda sama, ya bar ta ta kwana. Ya bi ta hannun shugaban makarantarsa kamar yadda tsarin aiki ya tanada, ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa. In kuma ransa a ɓace yake, ya kawo wa sakataren reshe su karanta tare, su soke zargin, su ja layi a ƙarƙashin buƙatar. Iyalanmu da ke jiran albashin nan ba za su tambaye mu ko mun faɗa wa shugaba magana ba. Za su tambaya ko an biya.