Ajin yara 110: ku bar auna mushe da cikar kaye

Jama'ar Barmu da kewaye, masu bin mu daga Tawa da ƴan ci-rani na Abijan da Libiya, yau maganar lakwal ce, kuma da mu iyaye zan fara. Yaro ya dawo gida, mu buɗe kaye, mu ga shafi cike da rubutu, mu ce mushen nan yana aiki. Wanda kayen ɗansa ba komi, gobe yana ƙofar darekta da ƙara. Wallahi wannan awo namu shi ke tura malamai ga aikin da ya fi kowane rashin amfani: a cika tabulo, a ce "ku kwafe", a zauna da bulala ana tsaron shiru.

Mu ɗauki aji na farko mai yara 110, littafin karatu 11, tabulo ɗaya, darasi na minti 30. In mushe ya ce kowa sai ya karanta shi kaɗai, kowane yaro sakan 16 zai samu, ba a ma cire lokacin miƙa littafi ba. In ya raba littafi ɗaya ga yara goma, uku ne ke ganin baƙi daidai, sauran suna ganinsa a karkace ko a kife. To mi ya rage? Karatun baki ɗaya. Mushe ya ce "ba", aji ya amsa "ba" har kwano ya ɗauka, mai wucewa ya ce madalla.

Ga yadda ake gane ƙaryar. A rubuta ba, bi, bo, bu, a nuna su da sanda ba bisa jeri ba, daga ƙarshe ko daga tsakiya. Yaron da ya haddace zai ce "ba" alhali sanda tana kan "bo". Ku dubi idonsa: bakin maƙwabcinsa yake kallo, ba tabulo ba. Haka yaro ke kaiwa aji huɗu da murya mai daɗi, bai san harafi goma ba.

Abin takaici, maganin ba sabo ba ne. Duk wanda ya bi makarantar horon malamai an koya masa dabarar Lamartiniyar, wadda ta samo suna daga wata makaranta ta birnin Liyon a Faransa tun ƙarni na 19. Kayan aikinta ardowaz da guntun alli. Mushe ya faɗi tambaya sau biyu, alli yana sama, ba mai rubutu. Ya buga tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga ardowaz. A ce "7 a tara da 5". Cikin ƙiftawar ido ya ga 12 a gaba, ya ga tarin 11 a kusurwar hagu, ya gane waɗannan wajen ƙirga yatsu suke tuntuɓe, daga 7 suke fara ƙirgen maimakon 8. Nan take ya gyara a tabulo, a goge, a sake da 8 da 4. Zagaye ɗaya minti ɗaya da rabi ne. A minti 15 kowane yaro ya amsa tambaya goma. In da kiran su ake yi tabulo ɗaya-ɗaya, minti biyu kowa, yara bakwai kawai za su taɓa alli, 103 suna tsunkulin juna.

Kar a ce na maida ardowaz maganin komi. Amsa gajera kawai take ɗauka, harafi, gaɓa ko lamba. Ba ta koyar da karanta labari. Kuma ba idon da ke karanta ardowaz 110 daga gaba. Dole a bar hanya tsakanin layuka mushe ya ratsa, a kuma juya zama kowace Litinin, na baya su dawo gaba. In ba haka ba, shekara ta ƙare yara 30 ne suka yi lakwal. Littafin nan 11 kuwa ya fi amfani a hannun yara 22, biyu-biyu, yayin da saura ke kan ardowaz. Kwana biyar kowa ya riƙe shi sau ɗaya.

Masu cewa a ƙara gina aji sun yi gaskiya, ni ma ina cikinsu, kuma ba ajin zana ba; ba mu manta gobarar Yamai da ta Maradi a 2021 ba. Amma yaron da ke zaune ƙasa bana ba zai jira siminti ba. Kwamitin iyayen makaranta, ku da kuke karɓar kuɗin taimako hannunmu, a taro mai zuwa ku faɗa mana yara nawa ne a aji na farko ba su da ardowaz, kwalin alli nawa ya rage, kuma yaushe rabon da a shafa wa tabulo baƙin fenti. Akwai tabulon da ya koɗe har na layi na biyar ba ya bambanta "b" da "d".