Kafin Taswirar Nijeriya, Yaro Ya Fara Zana Hanyar Makarantarsu

A wannan makon ina so mu tattauna kan wani abu da na gwada da hannuna a gida.

Ƙanwata shekararta 9, tana aji huɗu na firamare. Jihohi 36 da manyan biranensu duk ta haddace su, tana rera su tun daga Abiya har Zamfara ba gargada. Ran nan wata gwaggonmu ta zo za ta ɗauko ɗanta daga makarantar su ƙanwar tawa, aka ce yarinyar ta yi mata kwatance. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Gwaggo, ki miƙe, sai ki yi nan, sai kuma ki yi can." Hanyar da take bi kullum ce, amma ta kasa ɗora wani a kanta.

Ra'ayina shi ne mun soma darasin taswira daga inda ya kamata a ƙare. Yaro bai taɓa ganin Nijeriya daga sama ba, don haka a wajensa taswirarta hoto ce kawai da ake kwafa daga allo. Amma hanyar makaranta ƙafarsa ta san ta, kuma idan ya zana ta ba daidai ba, gobe da safe hanyar da kanta za ta ƙaryata shi. Ga yadda muka yi.

Na ba ta takarda da fensir na ce ta zana, ban gyara mata komai ba. Ta zana gidanmu ƙato da ƙofarsa da tagoginsa, ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe zuwa makaranta, alhali kwana biyu ake sha a hanyar. Wannan ne kuskure na farko: yaro yana zana abu yadda yake ganinsa daga gefe, ita kuwa taswira kallo ne daga sama. Sai na ajiye kofi a ƙasa na ce ta tsaya a kansa ta leƙa. Ta ce da'ira take gani. Daga nan muka fita tsakar gida, muka jera kwalayen ashana a matsayin gidaje, muka ja lunguna da tsinke a kan rairayi. Da ta tsaya tana kallonsu daga sama, ita da kanta ta ce ai ba a ganin ƙofa, rufi kawai ake gani.

Abu na biyu shi ne alamomin hanya. A jerin da ta kawo akwai mai ƙosai, da wata baƙar akuya, da motar maƙwabcinmu. Na tambaye ta, in Gwaggo ta zo da azahar, za ta tarar da mai ƙosan? Ta yi dariya. Muka daidaita cewa abin da ba ya tashi daga wurinsa ne kaɗai zai shiga taswira. Muka tsayar da huɗu: famfon burtsatse, masallaci, taransifoma da bishiyar darbejiya. Kowanne ta ƙirƙira masa alama mai sauƙi, da'ira ga famfo, jinjirin wata ga masallaci, sannan ta rubuta ma'anarsu a ƙasan takardar domin wanda bai san unguwar ba.

Na uku shi ne nisa. Washegari na raka ta, aljihunta na dama cike da tsakuwa. Duk taku 25 sai ta mayar da tsakuwa ɗaya zuwa aljihun hagu, a kowace kwana mu ƙirga mu rubuta. Daga ƙofar gida zuwa famfo, tsakuwa 4. Mun juya hagu mun miƙe zuwa taransifoma, tsakuwa 12. Mun juya dama zuwa ƙofar makaranta, tsakuwa 8. Jimla tsakuwa 24, wato taku 600. Da yamma ta ɗauki rula, kowace tsakuwa ta zama santimita ɗaya: layi mai santimita 4, sai mai 12, sai mai 8, kuma duka sun shiga shafi ɗaya na littafin rubutu. A zanenta na farko lungunmu ne ya fi tsawo, don a nan take wasa ta san kowane gida. Tsakuwa ta nuna mata cewa titin tsakiya ya ninka shi uku. A ƙasan shafin ta rubuta: santimita 1 daidai da takuna 25. Kalmar "takuna" da gangan ce, domin takun babba ya fi nata faɗi.

Na huɗu shi ne fuska. Hagu da dama suna yaudara, domin kwanar da ka sha hagu da safe, dama ce a hanyar dawowa. Gabas da arewa kuwa ba sa canjawa. Rana ce ta yi mana alƙalanci: da safe in ta fito daga gida rana na dukan fuskarta, ke nan gabas ta nufa. In ta juya hagu a famfo rana na komawa hannunta na dama, ke nan arewa take yi. Sai muka sa arewa a saman takarda da kibiya. A yi hattara da abu ɗaya a nan. Mun saba kiran alƙibla gabas, amma a ƙasar Hausa alƙibla ta karkata daga gabas zuwa arewa. Masallaci zai taimaka wa yaro ya kintata, amma in ya ɗauke shi a matsayin gabas sak, taswirarsa za ta ɗan karkace.

Gwajin ƙarshe shi ne na ba wani abokina da bai san unguwarmu ba takardar, na hana ta yi masa magana. Ya isa famfo lafiya, amma ya juya tun kafin taransifoma, saboda akwai wani ƙaramin lungu da ba ta zana ba. Ta koyi cewa duk mararrabar da za ta iya ruɗar baƙo sai an nuna bakinta, ko da ba a shiga.

Na san malamai za su ce ajinsu ya cika maƙil, ba za su iya raka kowane yaro gida ba. Gaskiya ne. Amma wasan kwalin ashana ana iya yin sa a filin makaranta, a gwada ƙirgen tsakuwa daga ƙofar aji zuwa ƙofar makaranta, sauran ya zama aikin gida tare da yaya ko wa. Yaron da ake kaiwa a adaidaita sahu ba zai ƙirga taku ba, sai ya ƙirga kwanoni da alamomi, ko ya zana hanyar Islamiyya in da ƙafa yake zuwa. Kuma kada ƙirge ya ɗauke hankalin yaro a wurin tsallaka titi.

Ina roƙon wanda zai gwada, kada ya ɗora hoton zanen a nan ko wani zaure. Takarda ce mai nuna gidan yaro da hanyar da yake bi kowace safiya, bai kamata ta faɗa hannun kowa ba. Ku dai ba mu labarin inda naku baƙon ya ɓata, da yadda yaron ya gyara. Allah Ya sa mu dace.