Ribar gida: tambayar da ba ta da amsa sai an ambaci ƙasa

Mutum ya sayar da gidan da yake zaune a ciki, ya sami riba, sai ya tambaya ko akwai haraji a kansa. Kafin ya rufe baki wani mai digiri ya amsa masa cewa gidan zama ba a biya masa haraji. Mai wannan amsa bai san ƙasar da gidan yake ba, bai san inda mai gidan ke zaune ba, bai kuma tambayi fasfon da ke aljihunsa ba. Abin da ya bayar zato ne kawai, kuma ranar da takardar hukuma ta iso, mai tambayar ne zai biya kuɗin zaton shi kaɗai.

A Birtaniya, wanda ya sayar da gidan da ya zauna a ciki tun ranar da ya saye shi, kuma shi ne babban mazauninsa, galibi ba ya biyan komai a kan ribar, komai yawanta. A Amurka yafewar tana da iyaka: dala 250,000 ga mutum ɗaya, ko 500,000 ga ma'auratan da ke cike takardar haraji tare, bisa sharaɗin mallaka da zama a gidan na shekara biyu cikin biyar na ƙarshe. Wanda ya sayi gida a kan dala 400,000 ya sayar a kan 900,000 ya ci ribar 500,000. Idan shi kaɗai ne, za a yafe masa rabi, a caje shi a kan sauran 250,000. Ko da kashi 15 cikin ɗari aka lissafa, dala 37,500 ke nan, kuma mai samun kuɗi da yawa yana iya biyan fiye da haka.

Wani zai ce to ai sai a tambayi inda gidan yake, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Yawancin ƙasashe suna bin mutum haraji ne saboda yana zaune a cikinsu, ko saboda dukiyar tana ƙasarsu. Amurka kuwa tana bin ɗan ƙasarta duk inda yake a duniya. Boris Johnson, wanda aka haifa a New York a 1964, ya bar Amurka tun yana yaro. Da ya sayar da gidansa na Landan, Birtaniya ba ta nemi komai ba, amma hukumar harajin Amurka ta nemi nata kason. Ya yi ƙorafi a bainar jama'a yana magajin garin Landan, ya biya daga baya, sannan ya ajiye zama ɗan Amurka a 2016. Rangwamen da Amurka ke yi wa wanda ya riga ya biya haraji a wata ƙasa ba ya amfani a irin wannan hali, domin harajin da aka biya ake cirewa, kuma wanda Birtaniya ta yafe masa bai biya ko sisi ba.

Wannan ya shafi iyalai a Kano da Abuja waɗanda aka haifa musu 'ya'ya a Amurka. Yaron ya girma a gida, wataƙila bai sake taka can ba, amma dokar tana biye da shi, har da wajibcin bayyana asusun bankinsa na wajen Amurka idan jimillarsu ta haura dala 10,000. Najeriya da Amurka kuma ba su da yarjejeniyar kauce wa biyan harajin kuɗin shiga sau biyu, irin wadda Najeriya ke da ita da Birtaniya.

Hatta kalmar riba ba ta da ma'ana ɗaya. A ɗauka irin wannan mutum ya sayi gida a Kano kan naira miliyan 30 lokacin da dala take naira 200, ya sayar kan miliyan 150 lokacin da ta kai 1,500. A lissafin naira ya ci miliyan 120. Amurka da dala take lissafi, bisa canjin ranar saye da na ranar sayarwa: ya saya a 150,000, ya sayar a 100,000. A can ba a ga riba ba sam, hasarar dala 50,000 aka gani, kuma hasara a kan gidan zama ba a cire ta daga sauran harajin mutum.

Masu kare gajeriyar amsa sukan ce yawan tambaya yana gajiyar da mutane, kuma akasarin masu tambaya harkarsu ba ta wuce ƙasa ɗaya ba. Haka ne, sai dai mai amsa ba shi da hanyar sanin wanda ke gabansa yana cikin akasarin sai ya tambaya. Tambayoyin ma ba su da tsawo: ina gidan yake, ina mai shi ke zaune, ɗan wace ƙasa ne, kuma a wace shekara aka yi cinikin. Ta ƙarshen ba ƙari ba ce, domin a Najeriya kanta sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, don haka amsar da ta dace da cinikin 2025 sai an sake duba ta kafin a ba wanda ya sayar a 2026.