Waiwaye: Kuɗin Laraba da Kyautar Sauka

Duk ƙarshen shekara malamin firamare a Matazu yakan karɓi fom ɗin APER ya cike nasa ɓangaren, ya miƙa wa hedimasta. Hedimasta ya ba shi maki a kan zuwa aiki da wuri, da biyayya, da iya zama da abokan aiki, ya sa hannu, fom ya wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Kusan kowa maki mai kyau yake samu, domin ba hedimastan da yake son ya zama sanadin hana wani ƙarin girma, alhali gobe sahu ɗaya za su tsaya a masallaci. Shi kuwa uban yaro tambayarsa ɗaya ce: yarona yana aji huɗu, me ya sa ba ya iya karanta sunansa? Ofis yana auna ɗawainiyar malam, uba yana auna abin da ɗawainiyar ta haifar, kowa kuma yana ganin nasa awon ne na gaskiya.

Wannan gardama ta girmi makarantar boko a ƙasar Hausa. Malaman mazhabar Malikiyya sun raba ƙwadago gida biyu. Akwai ijara, inda ake biyan mutum a kan lokaci ko aikin da aka ƙayyade. Akwai ji'ala, inda ba shi da ko sisi sai buƙata ta biya, kamar wanda aka ce ya nemo dabbar da ta ɓace. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi suke karantawa a zaure har yau, ta halatta a yi sharaɗi da mai koyar da Alƙur'ani a kan yaro ya iya, da mai magani a kan majiyyaci ya warke. Amma duba yadda kakanninmu suka yi a aikace. Ba su jingina abincin malamin allo a kan sauka kaɗai ba. Sun ware masa kuɗin Laraba, ɗan abin da yaro yake kaiwa duk mako don malam ya zauna ya koyar, ko yaro mai kaifin kai ne ko ba shi ba ne. Ranar sauka kuma uba ya yi hidima ta musamman daidai ƙarfinsa. Sun san cewa tsakanin fara babbaƙu da sauka akwai shekaru, kuma malam ba zai yi azumi har su cika ba.

Turawan Ingila sun gwada ɗaya hanyar zalla, suka ɗanɗana kuɗarsu. A 1862 Robert Lowe, wanda yake riƙe da harkar ilimi a gwamnati, ya kawo tsarin biyan makarantu gwargwadon sakamako. Abin da makaranta za ta iya samu a kan kowane yaro da ya haura shekara 6 sule 12 ne a shekara. Sule 4 na halartar makaranta ne, sule 8 kuma sai yaro ya ci jarrabawar sufeto a karatu da rubutu da lissafi. Duk darasin da ya faɗi a cire sule 2 da kwabo 8. Da yake daga wannan tallafi albashin malamai yake fitowa, sai ranar zuwan sufeto ta zama ita ce shekarar gaba ɗaya. Yara suka riƙa haddace littafin da za a jarraba su a kansa, har yaro ya zubo shafi guda ba tare da ya iya karanta wani rubutun daban ba. Darussan da ba su kawo kuɗi aka yi musu riƙon sakainar kashi. Yaro mai hazaƙa ba a damu da shi ba, tun da zai ci ko an bar shi. Wanda ya yi nisa a baya shi ma an sallama shi, tun da ba zai ci ba ko an wahala. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta suka a rahotanninsa. Sai wajen ƙarshen ƙarnin aka yi watsi da tsarin, bayan ya yi fiye da shekara 30.

Kafin a binne shi a can ya riga ya tsallako teku: dokar ilimi ta 1882, wadda ta shafi Legas, ta ɗaura wani ɓangare na tallafin makarantu a kan sakamakon jarrabawa. Da Lugard ya fito da tsarinsa na 1916 sai ya sassauta. Jarrabawa da ci gaban yara suka sami kashi 40 cikin 100, tarbiyya da tsarin makaranta kashi 30, yawan malamai da ƙwarewarsu kashi 20, gini da kayan aiki da tsafta kashi 10. Ko me mutum zai ce game da Lugard, a nan dai ya gane cewa sakamako shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin hukunci. Mu kuma, daga fom ɗin da muka gada bayan Hukumar Udoji ta 1974, yadda ake cike shi a makarantunmu ya kai mu ɗaya gefen: kusan komai hali ne da halarta, karatun yaro ba shi da gurbi na kirki.

A ganina kuskuren yana cikin neman awo guda ga kowane ma'aikaci. Kafin a ce za a biya mutum ko a hukunta shi a kan sakamako, sai an tambaya: nawa ne na sakamakon yake hannunsa, yaushe yake bayyana, kuma ana iya ƙirƙirarsa da dabara? Manomin wannan yanki ya san haka ba tare da an karantar da shi ba. Yakan ba da girbin dawa jinga, domin da yamma ido zai nuna masa an gama ko ba a gama ba. Sa taki kuwa, mai hankali yini yake biya, ya tsaya a kai, domin ɗan jinga zai watsa ya wuce, ɓarnar kuma ba za ta fito ba sai bayan makonni.

Mai shara a asibitin ƙauye aikinsa irin girbin dawa ne. Ɗaki ya tsaftatu ko bai tsaftatu ba, ba sai an duba rajistar zuwa aiki ba. Sharaɗi biyu kawai ake mantawa. Na farko, lokacin dubawa: ɗakin da aka goge da bakwai na safe, idan aka zo da azahar bayan 'yan dubiya sun yi ta shige da fice da kwanonin abinci, ba aikin mai shara ake aunawa ba. Na biyu, kayan aiki: wanda ba a ba shi sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, famfo kuma ya ƙafe, ba a tuhumarsa da warin ban ɗaki.

Mai sayar da kaya ya fi yaudarar mai awo, domin nasa sakamakon lamba ce, lamba kuma tana da kwarjini. Ɗauki yaron shagon taki da maganin feshi da ake ba shi kamasho a kan ciniki. A Yuni da Yuli ko barci yake yi manoma za su tashe shi su saya. A Fabrairu ko ya fi kowa iya baki shago shiru. Cinikin wata ba ya faɗin komai sai an gwada shi da na irin wannan watan a bara, a wannan shagon. Sannan idan kamasho a kan kayan da suka fita ne, yaro zai raba buhuna bashi ga duk wanda ya ce sai kaka, ya karɓi nasa, ya bar maigida da bin gidaje a Disamba. Shi ya sa 'yan kasuwar da suka ga jiya suke lissafa kamasho a kan kuɗin da ya shigo hannu.

Malamin makaranta shi ne mai wuyar sha'ani, domin tambayoyin uku duk ba su yi masa daɗi ba. Sakamakonsa yana jinkiri, rabinsa yana hannun gida da gona da zaman lafiya, kuma ana iya sayensa da satar amsa. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana. Wane malami za a ɗora wa laifin makonnin da aka rasa? A ƙauyukan da suke kwana da fargaba, iyali sukan tashi a tsakiyar zango, wasu baƙi su zo, ajin da malam ya fara da shi ba shi ne yake ƙarewa da shi ba.

Duk da haka ba zan yarda a ce karatun yaro ba ya aunuwa ba. Mu ƙaddara malamai biyu na aji uku, kowa da yara 60, ɗaya a cikin garin Matazu, ɗaya a wani ƙauye ta wajen Sayaya. A ƙarshen shekara an ba kowane yaro gajeren labari na Hausa da bai taɓa gani ba. A ajin gari yara 45 sun karanta, a ajin ƙauye 26. Mai duba sakamako tsagwaronsa zai ba na gari lambar yabo. Mai duba fom zai ga dukansu suna zuwa aiki, ya ba su maki ɗaya. Amma da an yi wannan gwajin a makon farko na shekara, aka samu 40 a ajin gari sun riga sun iya, a ajin ƙauye kuwa 8 ne kawai, sai lissafi ya juya. Na gari ya tarar da yara 20 da ba su iya ba, ya tsamo 5. Na ƙauye ya tarar da 52, ya tsamo 18. Ko ta adadi ko ta kaso, shi ne ya yi aiki.

Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta. Takarda ɗaya ce mai hawa huɗu, baƙaƙe, kalmomi, jimloli, labari, a kira yaro shi kaɗai na 'yan mintoci a rubuta hawan da ya tsaya. Amma yana da ramuka. Idan malamin ajin ne ya yi gwajin farko, yana da dalilin danne makin don ci gaban ya yi yawa, saboda haka malamin wata makaranta ya kamata ya yi duka biyun, da labarin da ba ya cikin littafin aji. Dole a lissafa da sunayen yaran da aka fara da su. In ba haka ba, ranar gwajin ƙarshe za a ga marasa ƙoƙari duk sun kamu da zazzaɓi. Alamar maguɗi ba ta ɓuya: yaro yana karatu idonsa ba ya kan takarda, ko kuwa a nuna masa kalma a tsakiyar layi ya rasa ta. Kuma shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, domin aji guda yana iya faɗawa cikin annobar ƙyanda ko gudun hijira. Sai an ga abu ya maimaitu shekara biyu ko uku.

Shi ya sa ba zan ɗaura albashi a kan wannan lamba ba. Albashi hakkin zuwa ne da shiga aji da gyara littattafan yara, kuma waɗannan hedimasta yana iya tabbatar da su idan ya daina jin nauyi: ya buɗe littafin yaro ya ga ranar da jan biro ya taɓa shi na ƙarshe. Ci gaban karatu kuwa shi ya dace ya yi magana a wajen ƙarin girma, da zaɓen wanda za a tura kwas, da wanda za a damƙa wa aji ɗaya, inda a yawancin makarantunmu sabon malami ko wanda aka raina ake jefawa.