Kwamfuta ɗaya, wasa da ɗauka a lokaci guda

A tsakanin samarin Banyo masu buga wasan ƙwallo a kwamfuta akwai wata magana da ta zauna daram, wai wanda zai yi wasa yana kuma ɗaukar bidiyonsa sai ya tanadi kwamfuta biyu. Wannan magana ta tsufa.

Asalinta gaskiya ne. Matse hotuna su zama bidiyo aiki ne mai nauyi, kuma a da ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke ɗaukarsa tare da wasan, sai ya zama taura biyu a baki ɗaya. Amma tun 2011 kamfanin Intel ya keɓe wani ɗan sashe mai suna Quick Sync wanda ke ɗaukar aikin matse bidiyo, Nvidia kuma ya biyo baya da NVENC a 2012. Idan aka zaɓi ɗayansu a manhajar OBS Studio maimakon x264, nauyin ya sauka daga kan ƙwaƙwalwa, abin da wasan zai rasa kaɗan ne.

Sai dai ba kowane kati ne ke da wannan sashe ba. Katin GT 1030 ba shi da NVENC, haka ma MX150 da ake yawan samu a kwamfutocin gwanjo. Mai irin wannan kada ya yanke ƙauna, domin sau da yawa Quick Sync na nan cikin injinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne watsawa kai tsaye. A ce saurayi ya saita bidiyonsa a 720p, hoto 30 a daƙiƙa, a kan 2500 kbps. Awa ɗaya za ta cinye masa data fiye da gigabait ɗaya, kuma dole layinsa ya riƙa tura wannan adadi ba yankewa. Idan layin ya yi rauni da maraice, bidiyon zai riƙa tsinkewa, shi kuma ya ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba. Alhali tagar Stats ta OBS ta riga ta raba gardama. Idan lambar `Dropped Frames (Network)` ce ke hawa, matsalar ta layi ce, sabon kati ba zai yi maganinta ba. Idan kuwa `Frames missed due to rendering lag` ce, wasan ne ya cinye ƙarfin katin, sai a ƙayyade shi a hoto 60 a daƙiƙa. In kuma komai ya tafi daidai sai bayan rabin awa ya fara sarƙewa, zafi ne, a duba fanka ko ƙurar hunturu ta toshe ta.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da ɗan wasan Banyo shi ne ya ɗauki wasansa a kan faifai, da tsarin mkv wanda ɗaukewar wuta ba ta lalata abin da aka riga aka ɗauka, sannan ya ɗora shi cikin dare lokacin da layi ya sarara.