Launin da aka ƙaga ba ya zama gaskiya don an mayar da hoto zane

Wata al'ada ta shigo gidajen buga kalanda da fosta, ta kuma bazu a wayoyin jama'a. A ɗauko tsohon hoto baƙi da fari, na wani hakimi ko malami ko kakan gida, a ba manhaja ta shafa masa launi cikin daƙiƙa goma, sannan a bi da shi ta wata tacewar da za ta mayar da shi kamar zanen hannu. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Ɓaɓura, duk gidan da ke da akwatin tsofaffin hotuna wannan aiki na iya iso shi. Masu yi suna da amsa a shirye ga mai ƙorafi: ai zane ne, ba wanda zai ɗauke shi hujja. Wannan amsa ce nake jayayya da ita, domin matakin zanen shi ne ainihin wurin da ɓarnar take kammaluwa.

Hoto baƙi da fari ba ya ɓoye launi a ƙarƙashinsa wanda za a tono. Abin da ya adana kawai shi ne yawan hasken da ya faɗo a kowane ɗigo. Ga lissafin da aka daɗe ana amfani da shi wajen mayar da launi toka-toka:

```
Y = 0.299R + 0.587G + 0.114B
```

Ɗauki ja mai lambobi 200, 40, 40, sakamakonsa 88. Kore mai 20, 126, 70 shi ma 88. Shuɗi mai 60, 85, 175, har wa yau 88. Launuka uku da ko yaro ba zai rikita ba sun zama toka ɗaya. Mai son komawa baya daga 88 ba shi da hanya, sai dai ya yi zato. Manhajojin ma zato suke yi: suna barin hasken yadda yake, su cike launin da abin da suka saba gani a hotunan da aka horar da su a kai. Shahararren aikin Richard Zhang da abokansa na 2016 a wannan fanni ya dogara ne da hotuna fiye da miliyan guda na rumbun ImageNet. Sararin sama da ciyawa da fatar mutum suna da yawa a irin wannan rumbu, shi ya sa manhaja ke dacewa a kansu. Rigar saƙi da rawani ɗan Kura kuwa baƙi ne a wurinta.

Akwai wata matsala kafin wannan. Tsofaffin faranti da fim na ɗaukar hoto, irin da ake kira otokuromatik, ba sa ganin ja sosai, suna kuma ganin shuɗi fiye da kima. Jar hula tana fitowa kusan baƙa, shuɗi mai haske ya fito kusan fari. Faranti mai ganin dukkan launuka ya shiga kasuwa a 1906, amma an ci gaba da amfani da na dā shekaru da yawa bayan haka. Saboda haka a hoton farkon zamanin Turawa, duhun tufa ba ya nuna cewa tufar mai duhu ce.

A ce hoton wani hakimi ne daga Roni ko Gwiwa, ya zo Kazaure hawan salla, yana kan doki, dogari na tsaye kusa. An san dogaran masarautun Arewa da ja da kore. A fim mai ganin dukkan launuka, ƙyallayen biyu na iya fitowa toka kusan ɗaya, sai manhaja ta ɗauke su tufa guda ta shafe su da ruwan ƙasa. A tsohon fim kuma jan ya yi baƙi, sai ta ba shi shuɗi mai duhu. Rawanin hakimin, in rinin baba ne da aka buga shi da shuni har ya yi ƙyalli, yana maido da hasken rana kamar ƙarfe, sai wuraren ƙyallin su fito fari fat, manhajar ta ɗauka farin yadi ne mai inuwa. Rigar kuwa, tsamiya ce ko fara ce da ta sha ƙura, ba ta da hanyar sani. A ƙasar sarauta waɗannan abubuwa su ne ke faɗin wane ne wane. Dogarin da aka sa wa ruwan ƙasa ya tashi daga dogari, ya koma wani mutum da ya tsaya kusa da doki.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi, domin launin zato yana tona kansa. Mai lura zai ga ya zubo daga bakin riga zuwa bango, ko hannu ɗaya ya yi ja ɗaya ya yi toka, ko riga ta fara da shuɗi a kafaɗa ta ƙare da ruwan hoda a ƙasa. Waɗannan tabo su ne ke gaya wa mai kallo ya yi hattara. Sai tacewar zane ta zo. Aikinta shi ne ta goge ƙananan bambance-bambance, ta tara dubban launuka zuwa 'yan kaɗan, ta zagaye kowane fili da layi mai kauri. Tabon nan duk sun tafi, an sami fili ɗaya mai launi ɗaya, tsaf, kamar mai zanen ya ga rigar da idonsa. Tare da tabon, ƙananan layukan saƙi da zaren aikin aska takwas sun narke, tsagar fuska ma sau da yawa ta bi su, don tacewar ba ta bambanta ta da karce a jikin takarda. Abin da hoton ya adana da gaske ya ragu, abin da aka ƙaga ya zama shi ne mafi bayyana. Kuma wannan zanen ne zai hau kalanda, jikoki su girma da shi, alhali asalin yana akwati gara na ci.

Ban ce a daina ba, kuma masu cewa a sa launi kafin zane suna da gaskiya a kan jerin aikin: bayan an daidaita filaye, alamun da ake gane irin tufa da su sun riga sun ɓace. Wannan dalili ne ma ya sa matakin launi bai kamata a bar wa maɓalli ɗaya ba. A fara da kwafe hoton da na'urar sikana a 600 dpi ko sama, a ajiye shi a TIFF, kada a taɓa wannan kwafin. A kan wani kwafin, a buɗe Photoshop ko GIMP, a ba kowace tufa shimfiɗarta daban, a sa ta a yanayin Color, ko LCh Color a GIMP, wanda ke canza launi ba tare da ya taɓa haske ba. Kafin a zaɓi launi kuma, a tambaya. Tsofaffin matan gida sun san kayan da suka ninke da hannunsu, wata alkyabbar ma tana nan a adaka, marina da maɗinka kuwa suna gane saƙi daga tsarin layukansa ko a hoto marar launi.

Tufar da ba a sami mai shaida a kanta ba, a bar ta toka-toka. Zane yana ɗaukar haka fiye da hoto: dogari da jansa da korensa, sauran fili cikin toka, ya fi kyan gani a kan ruwan ƙasar da ya mamaye komai. Bayan an gama zanen a ajiye shi gefe da gefe da asalin, a maido da tsagar fuska da aikin wuyan riga da hannu in sun ɓace. Sannan a rubuta a jikin hoton kansa, ba a saƙon da ke rakiyarsa ba, cewa an ƙara launi a shekara kaza, kuma wane sashe ne aka tabbatar. Rubutun da ke wajen hoto yana iya yankewa idan ana tura hoton a WhatsApp.