Mai Injin Casa a Rano da Kibiya: Ina Gurbin da Maƙwabci Ba Zai Ƙwace Ba?

Tun da aka rufe iyakokin ƙasar nan na tudu a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injinan casa kuma suka yawaita a kudancin Kano. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya daɗe da mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa rani da damina, har Kura ta yi suna a gumi da casa. Saboda haka matashin da ya haɗa jari ya kafa inji a Rano ko Kibiya, ba fili ya tarar ba. Ya tarar da maƙwabta masu irin injinsa, ga kuma Kura a gefe da ɗimbin 'yan kasuwarta. Abin da galibi yake fara zuwa masa a rai shi ne ya tambayi nawa ake sayar da kwano, ya rage wani abu. A ganina wannan ita ce mafi raunin dabara, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili.

Alƙaluman da zan kawo misali ne na ƙaddarawa, kowa ya sa na kasuwarsa a madadinsu. Mu ce mai inji yana cin ribar naira 200 a kowane kwano, yana sayar da kwano 100 a rana, wato naira 20,000. In ya rage naira 100 don ya janye masu saye, ribar kwano ta koma 100, sai ya sayar da kwano 200 kafin ya koma inda yake jiya. Maƙwabcinsa kuwa ba ya bukatar sayen komai kafin ya kwaikwaye shi, furuci ne kawai. Kafin la'asar farashinsu ya daidaita, masu saye sun koma inda suka saba, ribar kowa ta ragu da rabi. Farashi shi ne abin da ya fi komai sauƙin kwaikwayo, domin a bainar jama'a ake faɗinsa.

To, ta ina za a fara? Da saye za a fara, ba da tambaya ba. Ka aiki wanda ba a sani ba ya sayo kwano ɗaya-ɗaya daga masu sayarwa biyar: biyu a Rano, ɗaya a Kibiya, biyu a Kura. Ka ɗora kowanne a sikeli, domin kwano suna ne kawai, wani ya fi wani zurfi, wani mai awo kuma ya fi wani tozo. Daga kowanne ka ɗebi giram 100 ka baza a faranti, ka ware tsakuwa da ɓuntu da baƙin ƙwaya gefe guda, tsaki kuma gefe guda, ka auna. Sannan a dafa gwangwani ɗaya daga kowanne, da ruwa daidai wa daida, a ga wadda ta fi auki, wadda ta caɓe, da wadda take warin jiƙo.

Ga abin da irin wannan awo yakan fito da shi. Na farko yana sayar da kwano naira 3,000, nauyinsa kilo 2.4, kuma kashi goma cikin ɗari na tafiya a tsinta. Abin da ya shiga tukunya kilo 2.16 ne, kilo ya tashi kusan naira 1,390. Na biyu yana sayarwa naira 3,200, nauyinsa kilo 2.6, kashi biyu kacal ake zubarwa. Abin da ya shiga tukunya kusan kilo 2.55 ne, kilo ya tashi ƙasa da naira 1,260. Ashe wanda ake kira mai tsada shi ne mai rahusa. Mai injin da bai yi wannan awo ba zai ɓata watanni yana kokawa da farashin na farko, alhali na biyu ne yake kwashe masa ciniki.

Mu'amala kuwa ba ta hawa sikeli, sai an zauna an lura, an kuma ji ta bakin masu saye. Sa'a nawa manomi yake jira kafin a casa masa buhu? Ana ba shi tsakinsa da dusarsa, ko inji ke riƙewa? Wa ke ba da bashi, na kwana nawa? Wa ke kai kaya har ƙofa? In aka dawo da buhu mai tsakuwa, ana karɓa? Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda za a yi wa mai sayar da abinci a tasha ko mai kula da kicin ɗin makarantar kwana: me ya fi ba ki haushi game da shinkafar da kike saye? Sau da yawa amsar ba tsada ba ce. Kukan shi ne buhun wannan mako daban, na makon jiya daban. Yau ta yi auki, gobe ta caɓe, wani sashe ya nuna wani da saura. Ita kuwa mai abinci da faranti take lissafi. In kwano ya saba ba ta faranti 20 ya koma ba ta 17, asarar ta fi ƙarfin duk rangwamen da aka yi mata.

Dalilin wannan sauyi sananne ne ga masu sana'ar. Mai inji yakan sayi shanshera a kasuwa daga duk wanda ya fi sauƙi, sai iri ya gauraya, Jamila ta haɗu da FARO 44 da ake kira Sipi, alhali tsawon ƙwayarsu da shan ruwansu ba ɗaya ba ne. Sannan masu gumi kowa da hannunta: wata ta daɗe da jiƙo har ya yi tsami, wata ta shanya a ƙasa ya kwashi tsakuwa, wata ta bar shi a rana ya bushe fiye da kima. Shanshera tana son danshin da bai wuce kimanin kashi 14 cikin ɗari ba lokacin casa. In ta bushe ƙayau da zafin rana ƙwayar takan tsage, ta kakkarye a inji, tsaki ya yi yawa.

A nan ne ake tace abin da bincike ya gano. Duk dabarar da ta zo wa mai inji a rai, ya yi mata tambaya uku: kwana nawa maƙwabci zai ɗauka kafin ya kwaikwaya, nawa zai kashe, kuma me zai rasa in ya yi? Rage farashi, yini ɗaya. Buhu mai tambari, mako ɗaya. Injin cire tsakuwa ya fi waɗannan, amma kuɗi ne kawai, duk wanda ya tara zai saya, daga nan ya zama abin kowa. Tambaya ta uku ita ce mai nauyi. Masanin nan na Jami'ar Harvard, Michael Porter, ya yi bayani a wata maƙala ta 1996 cewa gurbin kasuwa ba ya ɗorewa sai in kama shi yana tilasta wa abokin gasa ya saki wani abu da yake riƙe da shi, kuma sai in ya ginu a kan ayyuka da dama masu riƙe da juna, ba a kan abu ɗaya ba.

Mu gwada wannan a Kibiya. Mai inji ya yanke shawara ba zai bi kowa da kowa ba, masu sayar da abinci da makarantun kwana zai riƙe, alƙawarinsa kuma ɗaya ne: iri ɗaya, auki ɗaya, ba tsakuwa, a kawo ranar da aka sa. Don ya cika wannan, sai ya ƙulla da manoma kamar 25 da ya san gonakinsu, ya ba su iri ɗaya tun shuka. Ya tsayar da mata masu gumi kaɗan, su daidaita tsawon jiƙo da turare, ya ba su tamfol don shanya. Ya sayi shansherar da kaka ya adana, ya riƙa casa daidai bukatar mako. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba abin mamaki ba ne, haɗuwarsu ce ke da wuya. Maƙwabcin da ribarsa ta dogara ga sayen mafi araha a kasuwa, in zai bi wannan hanya dole ya bar abin da ke ciyar da shi. Ko ya yarda, shinkafa sai ta yi wajen wata huɗu a gona, amanar manomi kuma ba a damina ɗaya ake samunta ba. Babban ɗan kasuwar Kura, wanda ke loda mota zuwa manyan kasuwanni, ba zai tsaya kai buhu biyu ga mai abinci a Kibiya duk mako ba, musamman yadda kuɗin sufuri ya tashi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Faɗan da ya fi ƙarfinka, an ce ka mai da shi wasa. Yawa da araha na Kura ne, kusanci da sanayya na ɗan gari ne.

Wannan gurbi yana da nasa haɗari, kuma wajibi ne a faɗe shi. Na farko, jari yana kwanciya a rumbu wata da watanni, in farashi ya faɗi bayan kaka asarar ta mai inji ce. Na biyu, manomin da aka ba iri yana iya sayar wa wani in an ƙara masa ɗan abu, don haka yarjejeniyar da ta ƙayyade farashi tun shuka takan karye. Gara a ce farashin ranar kaka da ɗan ƙari a kai. Na uku, akwai magidancin da kuɗin hannunsa na rabin kwano ne, araha kawai yake nema, kuma yana da gaskiya. Wanda ya zaɓi wannan gurbi ya haƙura da shi, kada ya soma gauraya iri don ya riƙe shi, domin ranar da mai abinci ta ga shinkafarta ta caɓe, ranar ce gurbin ya rushe.

Ta yaya mai inji zai san ya samu gurbin ko bai samu ba? Littafin cinikinsa zai gaya masa. Ya duba cikin masu saye goma na watan jiya, nawa suka dawo. Ya lura da abin da ke faruwa ranar da maƙwabci ya rage naira 100: in masu abinci sun zauna, gurbin ya kafu, in sun watse, farashi ne ke riƙe da su tun farko. Ya kuma maimaita awon kwano biyar ɗin nan sau biyu a shekara, bayan kakar damina da bayan ta rani, domin maƙwabta ma ba barci suke yi ba. Sikeli da faranti da tukunya, da kuɗin kwano biyar, su ne duk abin da binciken yake ci, kuma sun fi rahusa nesa a kan rabin ribar da ake zubarwa a gasar rage farashi.